"Ai Hausa yake ji": haƙƙin tafinta ga mutumin Maraɗi a gaban 'yan sanda da kotu a Kano

Duk wanda ke shiga Kantin Kwari, Dawanau ko Wapa ya san Hausar mutanen Maraɗi da Damagaram. Hausa ce tsantsa, sai dai Faransanci ya zauna a cikinta kamar yadda Turancin Ingilishi ya zauna a tamu. Mu mu ce ofis, su su ce biro. Mu mu ce fetur, su su ce asansi. A ciniki wannan bai cika kawo matsala ba, domin in ba ka gane ba sai ka sake tambaya, ko wani na gefe ya warware maka. Inda yake zama abin tsoro shi ne ranar da mutum ya zauna a kan benci a ofishin 'yan sanda ana rubuta abin da ya faɗa, kuma wannan takardar ce za ta bi shi har gaban alƙali.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya taɓo wannan a wurare uku. Sashe na 35(3) ya ce wanda aka kama dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake fahimta. Sashe na 36(6)(a) ya ce wanda ake tuhuma da laifi a gaya masa tuhumar dalla-dalla, nan ma da harshen da yake fahimta. Sashe na 36(6)(e) kuma ya ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Waɗannan sassa cewa suka yi "kowane mutum", ba su ce "ɗan ƙasa" ba, saboda haka direban da ya shigo ta Jibiya jiya yana da wannan haƙƙin daidai da ɗan Fagge.

Sai dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda Kano ta yi tata a kan tsarinta a 2019. Sashe na 17 na ta tarayyar ya ce idan wanda ake zargi ba ya jin Ingilishi, ko ba ya magana ko rubutu da shi, tafinta ne zai rubuta jawabinsa, ya karanta masa har ya gane, sannan shi ya sa hannu, tafintan ma ya sa nasa tare da sunansa da adireshinsa da sana'arsa. A lura da ma'aunin nan da kyau: ba karanta masa kawai aka ce a yi ba, har sai ya gane.

To a nan ne ake yin sakaci. Jami'i Bahaushe, wanda ake zargi Bahaushe, sai a ce ai Hausa yake ji, me za a yi da tafinta? Jami'in ya saurara da Hausa, ya rubuta da Ingilishi, 'yan guntayen Faransancin da suka gifta a tsakani kuwa ya cike su da abin da ya zata. Ba lallai da mugun nufi ba. Amma fassara biyu aka yi a zama ɗaya, daga Faransanci zuwa Hausa a cikin kansa, daga Hausa zuwa Ingilishi a kan takarda, kuma ta farkon ba wanda ya ga an yi ta, balle a duba ko ta yi daidai.

Mu ɗauki misali. Wani direba daga Maraɗi ya ɗauki dila biyar ta atamfa a Kwari. Maigidansa ya biya kuɗin uku, biyu kuma aka ba da bashi. Lokaci ya wuce kuɗi bai iso ba, mai kaya ya kai ƙara, aka riƙe direban da ya dawo wani lodi. Aka ce da shi, "Kai ka ɗauki kayan Alhaji?" Ya ce, "Fardon, shef, ni na ɗauka, amma da bon na ɗauka. Patoron ya ce wit jur zai regile." Aka ce, "Alhaji ya ce ba a biya shi ba." Ya ce, "Dakor. Ranka ya daɗe, a kira shi mu aranje."

Ga abin da mutumin ya faɗa in an mayar da shi Hausar Kano: "Don Allah, Yallaɓai, ni na ɗauka, amma da takardar shaidar bashi na ɗauka. Maigidana ya ce nan da mako guda zai biya." Sannan: "To, na ji. A kira shi mu daidaita." Ga kuma abin da yake iya fitowa a takarda idan mai rubutu ya bi zato: "Ina neman gafara. Ni na ɗauki kayan. Na yarda ba a biya ba. Ina roƙo a sasanta." Na farko bayanin bashi ne tsakanin 'yan kasuwa, wanda dokar 2015 ta ce ba a kama mutum a kansa shi kaɗai. Na biyu ya kama hanyar zama iƙirari, domin sashe na 28 na dokar shaida ta 2011 ya ɗauki duk maganar wanda ake tuhuma da ke nuna, ko da a fakaice, cewa shi ya aikata laifin a matsayin amsa laifi.

Kalmomin da suka yi ɓarnar nan duk ƙanana ne. Fardon a littafi neman afuwa ne, amma a bakin mutanen Nijar da sauran ƙasashen yankin da ke amfani da Faransanci ya fi zama "don Allah" ko "yi haƙuri", abin da ake buɗe magana da shi a gaban babba. Mai roƙon ragi a kasuwa ma yana faɗinsa, ba tare da ya yi wa kowa laifi ba. Dakor kuwa aikinsa aikin "to" ne. Wani lokaci yarda ce, wani lokaci "ina jin ka, ci gaba" ne kawai, kuma Bahaushe ya fi kowa sanin cewa ba kowace "to" ce amincewa ba. Aranje daidaitawa ce, amma in aka faɗe ta ana kallon jami'i tana iya ɗaukar ma'anar cin hanci, don haka dole mai fassara ya tabbatar da wa za a daidaita, da Alhaji ko da mai kaki. Wit jur kwana takwas ne a lissafi, mako guda a nufi. Bon, wadda ita ce ƙashin bayan kariyarsa baki ɗaya, ita ce ta fi saurin ɓacewa, domin wanda bai san ta ba zai ji ta kamar wani ƙaramin sauti ne ya tsallake, alhali takarda ce mai sa hannu da za a iya cewa ya fito da ita daga aljihun mota.

A ganina aikin tafinta a nan yana da ƙa'ida biyu da bai kamata a yi ragi a kansu ba. Ta farko, a rubuta maganar yadda ta fito daga bakin mutum, da Hausarta da Faransancinta, sannan a kawo fassara a ƙasa. Kotunan ɗaukaka ƙara sun sha nanata cewa ya fi dacewa a ɗauki jawabi da harshen da aka yi shi kafin a juya shi. In fardon tana nan a rubuce, lauya yana da abin da zai yi gardama a kai. In an riga an mayar da ita "ina neman gafara", ta tafi ke nan. Ta biyu, inda kalma ta ɗauki ma'ana biyu, tafinta ba shi zai zaɓa ba. Mai maganar za a koma wa: "Malam, da ka ce dakor, ka yarda ka ci kuɗin ne, ko ka ji abin da aka ce ne?" Amsarsa ita ma a rubuta.

Ta nan ake gane ko an karanta wa mutum har ya gane. Idan aka karanta masa aka ce "Haka ne?" ya ce "Dakor", ba a tabbatar da komai ba, an dai sake samun kalmar da ake shakka a kanta. A ce ya maimaita da bakinsa abin da ya ji takardar ta ce. Haka ma adadin kuɗi: mutumin Nijar da dala yake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa biyar, jika kuma sefa dubu, don haka in ya ce ɗari yana iya nufin sefa 500. Jawabin da bai fayyace naira ce ko sefa ba, kuma da wane lissafi, bai kammalu ba.

Idan magana ta kai kotu, akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ke taimakon wanda ake tuhuma. Tun shari'ar Gidado a 1940 aka tsayar cewa jawabin da aka ɗauka ta bakin tafinta ba ya karɓuwa sai an kira tafintan ya ba da shaida, ya faɗi abin da aka tambaya da abin da aka amsa, domin in ba haka ba ji-ta-ji-ta ce. Amma idan jami'in da ya rubuta shi ne da kansa ya fassara, shaidarsa ta wadatar. Shi ya sa lauyan direbanmu zai tsaya a kan jami'in da tambayoyi masu sauƙi: kana jin Faransanci? Mene ne bon? Ya ambace ta ko bai ambata ba? Me ya sa ba ta cikin takarda?

Kariyar nan tana da iyaka, kuma gara a san ta tun da wuri. Cewa "ba haka na faɗa ba" ba ya hana kotu karɓar takardar. Alƙali zai karɓa, sai a ƙarshe ya auna nauyinta da sauran shaidu. Abin da ke sa a tsaya a binciki takardar kafin a karɓa shi ne iƙirarin cewa tilasta mutum aka yi, bisa sashe na 29 na dokar shaida. Sannan a shari'ar Gwonto ta 1983 Kotun Ƙoli ta nuna cewa wanda yake da lauya, aka yi shari'a bai koka da rashin tafinta ba, ba zai zo a ɗaukaka ƙara ya tayar da maganar ba. Saboda haka ranar farko da aka karanta tuhuma, kafin ya amsa ko ya musa, direban ko lauyansa ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, Hausar Nijar yake yi, akwai Faransanci a cikinta, muna roƙon tafinta mai jin duka biyun," kuma a nemi alƙali ya rubuta roƙon da amsarsa a kundin shari'a. Ko a kotun Musulunci, inda da Hausa ake yin komai, roƙon yana nan da amfaninsa, tunda magatakarda shi ma abin da ya gane zai rubuta. Idan ba a samu mai jin harsunan biyu a harabar kotu ba, Nijar tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano, kuma baƙon da aka tsare yana da damar neman a sanar da su.