Ghana da Nijar a takarda ɗaya: tambayoyin da ke tona yadda aka zaɓi ƙasashen kwatanci

Malam, takardata tana cewa raba kujeru gwargwadon ƙuri'u yana haifar da jam'iyyu masu yawa. Na ɗauki Ghana da Nijar, kuma alƙaluman sun goyi bayana. Me za a fara tambayata?

Za a tambaye ka ko ka san sakamakon ƙasashen nan biyu kafin ka ɗauke su. Mai duba takarda da ya san aikinsa daga nan yake farawa, domin in ka riga ka san Ghana jam'iyyu biyu ne ke cin kasuwarsu, Nijar kuma jam'iyyu barkatai, to ba gwaji ka yi ba, shaidun da za su gaskata ka ka gayyato.

Alƙaluman da kansu ba su da aibi. A Ghana kowace mazaɓa kujera ɗaya ce, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauke, kuma a zaɓen 2016 NPP ta sami kujeru 169, NDC ta sami 106, cikin 275. A Nijar, kafin juyin mulkin 2023, ana raba mafi yawan kujeru ne a matakin jiha gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, kuma a shekarar nan ta 2016 PNDS ta sami 75 cikin 171, Lumana 25, MNSD 20, sauran suka watsu a hannun ƙananan jam'iyyu da dama. Ma'aunin da aka saba amfani da shi wajen auna yawan jam'iyyu masu tasiri, na Laakso da Taagepera na 1979, shi ne:

```
N = 1 / Σ(p²)
```

A nan p shi ne kason kujerun kowace jam'iyya. Na Ghana: 169 cikin 275 kusan 0.61 ne, a ninka shi da kansa ya ba da 0.38, 106 kuma 0.39 ne, ya ba da 0.15. A haɗa, 0.53 ke nan, a raba 1 da shi a sami 1.9. Na Nijar ya ɗan haura 4. Ga alama masanin siyasa Duverger, wanda ya ce mazaɓa mai kujera ɗaya tana haifar da jam'iyyu biyu, rabo gwargwadon ƙuri'u kuma jam'iyyu da yawa, ya yi gaskiya tun 1951.

Yanzu sai a ƙara maka ƙasa ɗaya tak. Afirka ta Kudu tana raba kujeru 400 gwargwadon ƙuri'u, rabon da da wuya a sami wanda ya fi shi daidaito a nahiyar. A 2004 ANC ta kwashe 279, DA 50, IFP 28, kuma lissafin ya fito wajen 2, daidai da Ghana. A 2014, da ANC ta sauko 249, ya kai 2.3 ne kawai. Da a ce Ghana da Afirka ta Kudu ka haɗa, da ka rubuta cewa tsarin zaɓe ba ya canja komai, kuma da alƙaluma sun goyi bayanka kamar yadda suka yi yanzu. Wannan ne abin da masaniyar siyasa Barbara Geddes ta ja kunne a kai a 1990: ƙasashen da ka ɗauka su ke yanke maka amsa. Ka kuma lura cewa biyun Ghana manyan jam'iyyu biyu ne masu karɓa-karɓa, biyun Afirka ta Kudu na 2004 kuwa giwa ɗaya ce da 'yan rakiya. Lamba ɗaya ce, amma siyasar ba ɗaya ba.

To ta yaya zan nuna ba son raina na bi ba?

Ka rubuta jerin duk ƙasashen da suka cancanta kafin ka taɓa sakamakon ko ɗaya. Sharuɗɗan shiga jerin su kasance abubuwan da ba su da alaƙa da yawan jam'iyyu: misali ƙasashen Afirka kudu da Sahara da suka yi zaɓen majalisa na jam'iyyu da yawa sau uku a jere tsakanin 1990 da 2020, ba tare da manyan 'yan adawa sun ƙaurace ba. Sai ka raba su gida-gida bisa tsarin zaɓe: masu kujera ɗaya a mazaɓa, masu rabo gwargwadon ƙuri'u, da masu gauraye. Daga nan ne za ka ɗauko biyu ko huɗu, ka faɗi dalili.

Tebur ɗaya ya isa, mai ɗauke da sunan ƙasa, tsarinta, ko ta shiga ko an cire ta, da dalilin cirewa cikin jimla guda. Masu dubawa sukan fi zura ido a kan waɗanda aka cire. In suka ga an cire Namibiya da Afirka ta Kudu da hujjar “jam'iyya ɗaya ta mamaye su”, sun kama ka, domin mamayar jam'iyya ɗaya ita ce sakamakon da kake aunawa. Ba a cire ƙasa saboda amsar da ta bayar.

Sharaɗin zaɓe uku a jere zai ba ka aiki a Nijar ɗin kanta, tunda sojoji sun katse mulki a 1996, da 1999, da 2010. Dole ka fayyace wane zango kake nufi da dalilinsa.

Na rubuta cewa Ghana da Nijar sun yi kama, duk Afirka ta Yamma ne. Wannan bai wadatar ba?

Bai wadatar ba, kuma nan ne takardu da yawa ke faɗuwa. Hikimar kwatanta ƙasashe masu kama ita ce su dace a komai in ban da abin da kake zargi, ta yadda in sakamako ya bambanta babu wanda za a ɗora wa sai shi. Maƙwabtaka ba ta ba ka wannan.

Zauna ka lissafa abubuwan da aka san suna shafar yawan jam'iyyu, ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Akwai inda suka dace: a ƙasashen biyu, kafin juyin mulkin Nijar na 2023, ɗan takarar shugaban ƙasa sai ya haura rabin ƙuri'u, in ba haka ba a je zagaye na biyu, kuma dukansu sun koma siyasar jam'iyyu a farkon shekarun 1990. Amma Ingila ce ta mallaki Ghana, Faransa ta mallaki Nijar. Ghana tsarin shugaban ƙasa take bi, Nijar kuwa a lokacin tana da firaminista da majalisa ke iya tsigewa, abin da ke sa ƙaramar jam'iyya mai kujeru biyar ta yi tsada a ciniki. Sannan siyasar Ghana ta rabu gida biyu tun kafin 'yancin kai, ɓangaren Nkrumah da ɓangaren Danquah da Busia. Kowane ɗaya cikin ukun nan yana iya bayyana bambancin 1.9 da 4 ba tare da an ambaci tsarin zaɓe ba.

Batun mulkin mallaka ya fi sauran wuyar sha'ani, domin a Afirka yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsarin zaɓe. Najeriya, Ghana, Kenya, Zambiya, Malawi, Botswana, duk sun gaji mazaɓa mai kujera ɗaya daga Ingila. In duk ƙasashenka na wannan ɓangaren renon Ingila ne, na ɗaya ɓangaren kuma renon Faransa, ba ka da hanyar raba tasirin tsarin da tasirin gadon. Maganinsa shi ne ka nemo ƙasar da ta karya layin, kamar Lesotho: renon Ingila ce, amma ta bar tsarin da ta gada.

Ashe ƙasar da ta canja tsari ta fi dacewa, tunda ita ce dai ba wata ba?

Ta fi ta fuska ɗaya: tarihi, ƙabilu da addini duk suna nan yadda suke kafin canji da bayansa. Sai dai tana jawo tambayar da ta fi kowace tsauri, wato wa ya haifi wa.

Dubi New Zealand. An kaɗa ƙuri'ar raba gardama a 1993, aka yi zaɓen farko da tsarin gauraye a 1996, majalisa ta cika da jam'iyyu. Mai gaggawa zai ce tsarin ne ya kawo su. Amma tun 1981 jam'iyyar Social Credit ta sami kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙuri'u aka ba ta kujeru 2 kacal, a 1993 kuma Alliance ta sami kashi 18 da kujeru 2. Jam'iyyun suna nan a akwatin zaɓe, ƙofar majalisa ce aka rufe musu, kuma fushin wannan rufewar yana cikin abin da ya kawo canjin. Lesotho ma haka ne: a 1998 LCD ta kwashe kujeru 79 cikin 80 da kusan kashi 60 na ƙuri'u, rikici ya ɓarke har sojojin Afirka ta Kudu da Botswana suka shiga, sannan a 2002 aka koma kujeru 120, 80 na mazaɓu, 40 na cike giɓi.

Saboda haka ka yi lissafin nan sau biyu, ɗaya da kason ƙuri'u, ɗaya da kason kujeru, na zaɓe uku kafin canji da uku bayansa. In lambar ƙuri'u ta riga ta hau kafin canjin, tsarin ya buɗe ƙofa ne ga jam'iyyun da ke nan. In sai bayansa ta hau, kana da hujjar cewa ya canja halin masu zaɓe da 'yan siyasa. Nijar ba ta tsira daga wannan tambayar ba: jam'iyyu da dama sun halarci taron ƙasa na 1991 kafin a yi zaɓen 1993, don haka sai ka nuna wa ya zaɓi tsarin rabon, kuma don me.

Zan iya saka Najeriya a madadin Ghana?

Za ka iya, amma faɗi wace Najeriyar. Tsarin kujera ɗaya a mazaɓa ya ba da manyan jam'iyyu uku a Jamhuriya ta Farko, NPC, NCNC da AG, kowace da yankinta, ya ba da biyar a 1979. SDP da NRC kuwa gwamnatin Babangida ce ta ƙirƙire su a 1989, kada ka kuskura ka ƙirga su a matsayin shaidar Duverger. Ga kuma sharaɗin cewa ɗan takarar shugaban ƙasa sai ya sami kashi 25 na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, wanda shi kaɗai yana tilasta haɗaka. Hasashen Duverger a matakin mazaɓa ya fi ƙarfi: ana iya samun 'yan takara biyu masu ƙarfi a kowace mazaɓa, amma jam'iyyunsu su bambanta daga Kano zuwa Enugu, sai majalisa ta cika da jam'iyyu. Haka Indiya take.

In ba ni da lokacin ƙara ƙasashe fa?

Rage girman iƙirarin. Ƙasashe biyu ba za su tabbatar da doka ga nahiya ba, amma za su iya nuna yadda abin ke aiki a cikinsu. Ɗauki jiha ɗaya a Nijar, kamar Maradi ko Damagaram, ka lissafa kason ƙuri'un da ƙaramar jam'iyya ta ci kujera da shi, sannan ka nemo jam'iyya mai irin wannan kason a wani yankin Ghana ka nuna ta tashi a tutar babu. Ka ƙara sakin layi ɗaya da ke ambaton Afirka ta Kudu da sunanta, da lambarta ta 2004, da dalilin da kake ganin ta saɓa wa hasashenka.