Wasiƙar koci zuwa ga iyayen 'yan ƙwallo ƙanana

Wasiƙar koci zuwa ga iyaye takarda ce da mai horar da ƙungiyar yara yake rubutawa iyayen 'yan wasansa kafin a fara kakar wasa, ya gaya musu tun da wuri abubuwa guda uku, wato yadda ake son yaro ya riƙa zuwa tirenin, da yawan mintunan da zai samu a fili ranar wasa, da kuma irin halin da ake so daga yaron da ma iyayen kansu. Yawanci ba ta wuce shafi ɗaya ko biyu, a ƙasanta akwai wurin da uba ko uwa za su sa hannu su dawo da ita. An fi saninta a Amurka da Ingila, inda ƙwallon yara ke da tsari kuma iyaye ne ke kai yaransu fili da kansu su tsaya kallo, amma duk inda koci ya tara yara ashirin alhali mutum sha ɗaya ne za su shiga fili, matsalar da wasiƙar take son magancewa tana nan, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Inda al'adar ta yi ƙarfi

A Amurka akwai ƙungiyar ƙwallon yara da ake kira AYSO, wadda aka kafa a jihar Kalifoniya a 1964, dokarta da aka fi sani ita ce dole kowane yaro ya buga aƙalla rabin kowane wasa, ko ya iya ko bai iya ba. Tunda doka ce ta sama, kocin da ke ƙarƙashinta ba shi da wahala, sai dai kawai ya kwafo ta ya sa a wasiƙarsa. A Ingila kuma hukumar ƙwallo ta FA ta fito da wani shiri na girmama juna a 2008, wanda ya zo da ƙa'idojin ɗa'a na 'yan wasa da kociyoyi da iyaye, har da ja wa 'yan kallo igiya ko shinge a gefen fili don kada su matso bakin layi suna yi wa yara da rafali ihu. Kulob da yawa daga irin waɗannan dokokin suke ɗebo abin da suke rubutawa. Inda kuwa babu wata hukuma da ta tsara, kocin ne da kansa zai zauna ya yanke, kuma nan ne ake yawan yin kuskure.

Zuwa tirenin

Wannan sashen shi ya fi sauƙi. Ana faɗin ranaku da lokaci da wuri, da wa za a kira idan yaro ba zai zo ba, da kuma kafin ƙarfe nawa. Wasiƙa mai kyau tana raba fashi gida biyu, wanda aka sanar da wanda ba a sanar ba, domin yaron da ke kwance da zazzaɓi ko yake jarabawa ba ɗaya yake da wanda ya ga dama kawai ya ƙi zuwa ba. Sannan dole a faɗi abin da zai biyo baya, misali duk wanda ya yi fashi ba sanarwa a satin wasa ba da shi za a fara ba, a benci zai fara. Wasu kociyoyin kan rubuta wai zuwa tirenin wajibi ne su tsaya nan, to wannan bai ce komai ba, don ranar da gwanin ƙungiyar ya yi fashi sau biyu kuma aka fara da shi, sauran yaran sun gane dokar ba ta kowa ba ce.

Abu ɗaya da ya kamata koci ya tuna, yaro ɗan shekara sha ɗaya ba shi ke da ikon lokacinsa ba, idan ya makara sau da yawa aike aka yi masa ko ba a ba shi kuɗin mota ba, shi ya sa ma iyaye ake rubutawa ba yaron ba. A garuruwa irin su Kano ko Zariya ko Maraɗi kocin unguwa sai ya duba lokacin Islamiyya da lesin, da yadda za a yi da azumi, da kuma sa'ar da za a tashi don yara su isa gida kafin magariba, in bai sa waɗannan a lissafi ba to dokar fashin tasa yaran da ba su da laifi za ta ci.

Lokacin wasa, inda rigimar take

Mafi yawan saɓanin da ake samu tsakanin koci da iyaye a nan yake, uba ya biya kuɗin rajista, ya sayi jesi da takalmi, ya zo kallo ya tarar ɗansa na zaune a benci har aka tashi. Hanyoyin da kociyoyi ke bi kusan uku ne. Ko a raba mintuna daidai wa daida, ko a ba kowa wani mafi ƙarancin lokaci kamar rabin wasa sauran kuma koci ya raba yadda ya ga ya dace, ko kuma a ce ba alkawari sam, wanda ya cancanta shi zai buga. Ta farko da ta biyu su suka dace da ƙananan yara, don yaro ba ya koyon ƙwallo daga benci, kuma wanda ya fi kowa ƙarfi yana ɗan sha biyu sau da yawa girman jiki ne kawai ya riga sa'o'insa, bayan shekara uku sai ka ga sun kamo shi. Ta ukun sai yara sun tasa, kuma a gasa mai zafi. Kowace hanya koci ya zaɓa ba laifi, laifin shi ne ya rubuta ɗaya ya aikata wata.

Kafin ya yi alkawari kuwa sai ya yi lissafi, ga misali. A ce ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 13 ce, ana buga sha ɗaya sha ɗaya, minti 35 kowane zagaye, jimilla minti 70, kuma koci na da yara 16, ɗaya daga ciki gola ne da zai tsaya raga har a tashi. Saura yara 15 ke nan suna neman gurbi 10. Mintunan da ake da su a cikin fili 10 sau 70 ne, wato 700. Idan ya yi alkawarin rabin wasa ga kowa, 15 sau 35 ya ba da 525, ya rage masa minti 175 da zai ƙara wa wanda yake so, alkawarin ya yiwu ke nan. A aikace ma abu ne mai sauƙi, a hutun rabin lokaci ya fitar da biyar ya sa biyar, sai ya zama yara 5 sun buga duka wasan, 10 sun buga rabi rabi.

To amma a ce ya ci gaba da karɓar yara saboda ba ya iya ce wa maƙwabci a'a, har suka kai 22. Yanzu yara 21 ne ke neman gurbi 10, kuma 21 sau 35 ya kai 735, ya zarce 700 ɗin da ake da shi, wato ko da koci ya so ba zai iya cika alkawarin ba, mintunan ne babu. Iyakar abin da wannan alkawarin zai ɗauka yara 20 ne ban da gola, shi ma sai in ba wanda zai wuce rabin wasa ko da minti ɗaya. Akwai kuma dokar canji, a wasannin yara da yawa ana barin wanda ya fita ya sake dawowa, amma idan gasar da aka shiga canji biyar kawai ta yarda da shi kuma ba dawowa, to mai yara 18 dole biyu su koma gida ba su taɓa ƙwallo ba. Mafita a nan ita ce kada a ɗaura alkawarin a kan wasa ɗaya, a ɗaura shi a kan wasanni huɗu ko wata guda, a riƙa juyawa, kuma a rubuta tun farko cewa wasan sada zumunci daban, wasan kofi na fitar da gwani daban.

Yadda ake gane ko ana cika alkawari littafi ne kawai, mataimakin koci ya riƙa rubuta wa ya shiga, minti nawa, wa ya fita. Ba don iyaye kaɗai ba, shi kansa kocin idan wasa ya yi zafi ana ɗaya da ɗaya mantawa yake da yaron da ke zaune shiru a ƙarshen benci, kuma irin wannan yaron ba ya ƙorafi, daina zuwa kawai yake yi.

Ga irin yadda ake rubuta sashen: "Duk yaron da ya zo tirenin biyu na sati, ko aka sanar da mu uzurinsa, zai buga aƙalla rabin wasa a wasannin lig da na sada zumunci. A wasan kofi ba mu yi wannan alkawarin ba, amma ba yaron da zai zauna wasa biyu a jere." Ka ga an haɗa zuwa tirenin da lokacin wasa wuri guda, kuma kowane uba zai iya ƙirgawa da kansa ya ga ko an yi masa adalci.

Ɗa'a

Ga yara dai sananne ne, ba zagi, ba faɗa, ba musu da rafali, a gaisa da abokan karawa bayan an tashi. Na iyaye shi ya fi wuyar rubutawa, tunda wasunsu sun girmi kocin, dole ya sa ladabi a harshensa ba tare da ya sassauta dokar ba. Abin da aka fi roƙo shi ne kada uba ya riƙa ba da umarni daga gefen fili, koci ya ce wa yaro ya ba da fasin, baba na ihu ya buga raga, yaron sai ya rasa wa zai bi. Kociyoyi da yawa a Amurka suna sa dokar awa 24, wato ba za a tattauna ƙorafi a bakin fili ba sai an kwana an huce, kuma idan an zauna maganar ɗanka za a yi, ba ta ɗan wani ba.

Wasiƙar da ta cika tana faɗin abin da shi ma kocin ya ɗauka wa kansa, cewa ba zai daki yaro ko ya zage shi ba, ba zai keɓe da yaro shi kaɗai ba, kuma duk wanda ya bugu a kai yana jiri za a cire shi, ba zai koma fili ranar ba ko da wasan ƙarshe ne. A wuraren da dillalai ke yawo suna yi wa iyaye alkawarin kai yaro Turai, yana da kyau koci ya ƙara layi ɗaya cewa dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, don haka duk wanda ya zo neman kuɗin biza da sunan kulob ɗin a kira koci tukuna.

Isar da ita

Takarda kaɗai ba ta isa, musamman inda wasu iyayen ba sa karatun boko, ko inda yaro zai cusa ta a aljihu ta jiƙe da gumi. Shi ya sa ake haɗa ta da taron iyaye, a karanta da babbar murya cikin yaren da kowa ke ji, a amsa tambayoyi, sannan a sa hannu, wanda bai samu zuwa ba a tura masa saƙon murya ta waya ko koci ya taka har gida. Kuma a raba ta kafin a karɓi kuɗin rajista, don uban da bai yarda da tsarin ba ya samu damar kai ɗansa wata ƙungiyar tun bai kashe ko sisi ba.