Waiwaye: GAN da VAE, da tambayar waye ke duba aikin na'ura

Kafin 2013, koya wa kwamfuta ta ƙirƙiro sabon hoto aiki ne mai wahala. Hanyoyin da aka fi dogara da su, irin injin Boltzmann, sai sun yi ta zagaye mataki bayan mataki kafin su fitar da samfuri guda, kuma horar da su yana cin lokaci. Cikin wata shida sai ga hanyoyi biyu sun ɓullo. A watan Disamba 2013 Diederik Kingma da Max Welling na Jami'ar Amsterdam suka fitar da VAE, Danilo Rezende da abokan aikinsa a kamfanin DeepMind kuma suka zo da kusan irin wannan dabara a Janairu 2014. A watan Yuni 2014 Ian Goodfellow, a ɗakin binciken Yoshua Bengio da ke Jami'ar Montreal, ya fitar da GAN. Dukansu biyu suna ɗaukar 'yan lambobin da aka zabo da ka, su mayar da su hoto a tashi ɗaya. Inda suka raba gari shi ne wanda ke duba hoton ya ce ya yi ko bai yi ba, kuma daga nan ne kowace ta gaji cutarta.

A ɗauki MNIST, tarin hotunan lambobin da aka rubuta da hannu, wanda duka ɓangarorin biyu suka yi gwajin farko a kansa. Akwai hotuna 60,000 na horo, kowannensu fiksel 28 ne tsawo da faɗi, wato ɗigo 784.

VAE tana da sassa biyu. Mai dunƙulewa yana karɓar ɗigo 784, ya matse su zuwa lambobi kaɗan, a ce 20. Sai dai ba ya ba da wuri ɗaya tak. Ga kowace lamba yana ba da tsakiya da kuma faɗin da za a iya kaucewa daga tsakiyar. Ana zabo wani matsayi a cikin wannan faɗin, a miƙa wa mai warwarewa, shi kuma ya yi ƙoƙarin sake zana hoton asali. Matsalar ita ce ba a iya bin sawun kuskure ta cikin zaɓen da aka yi da ka don a gyara ma'aunan na'ura. Maganin da aka samo shi ne a zabo hayaniya, wato lambobin ka, daga waje, sannan a haɗa ta da lissafi, inda `mu` ce tsakiyar, `logvar` kuma ke riƙe da faɗin:

```
z = mu + torch.exp(0.5 * logvar) * torch.randn_like(mu)
kl = -0.5 * torch.sum(1 + logvar - mu**2 - logvar.exp())
```

Layi na biyu tara ce, ana kiranta KL. Tana hukunta mai dunƙulewa idan ya warwatsa hotuna nesa da sifiri, domin in an gama horo za a ajiye shi gefe, a zabo lambobi 20 daga kusa da sifiri, mai warwarewa ya zana sabon abu. In babu tarar, wuraren da za a zabo za su kasance fanko, hoton ya fito shirme.

To me ya sa hotunan VAE ke fitowa dishi-dishi? Domin mai duba aikinta ma'auni ne da ke kwatanta ɗigo da ɗigo. A ɗauki lamba 7. Wasu suna gindaya mata sanda a tsakiya, wasu ba sa yi. A ce dunƙulen bai riƙe wannan bambanci ba, kuma wani ɗigo fari ne, wato 1, a rabin hotunan, baƙi ne, wato 0, a sauran. Idan na'ura ta zaɓi fari, za ta dace a rabi ta faɗi gaba ɗaya a rabi, matsakaicin kuskuren da aka ninka da kansa ya zama 0.5. Idan ta zaɓi toka-toka, 0.5, kuskurenta 0.25 ne a kowane hoto. Lissafi ya ba toka-toka nasara. Sai a ga bakwai mai inuwar sanda, abin da babu hannun da ya taɓa rubutawa.

Akwai cuta ta biyu. Idan mai warwarewa ya yi ƙarfi ainun, yakan daina sauraron dunƙulen kwata-kwata. Alamarta ita ce KL ta faɗi kusa da sifiri tun farkon horo, kuma sauya lambobin ba ya sauya abin da ke fitowa. Samuel Bowman da abokansa sun ci karo da wannan a 2015 a kan jimloli, suka magance ta da fara tarar daga sifiri, ana ƙara nauyinta sannu a hankali.

GAN ta kori ma'aunin ɗigo-da-ɗigo, ta naɗa alƙali mai koyo. Maƙeri yana karɓar lambobin ka, yawanci 100, ya zana hoto. Bai taɓa ganin hoton gaske ba. Alƙali kuwa ana nuna masa na gaske da na jabu a gauraye, ya ba kowane maki tsakanin 0 da 1. Ana gyara alƙali mataki ɗaya, a gyara maƙeri mataki ɗaya, haka har dubbai. Bakwai mai inuwar sanda ba za ta wuce a nan ba, don dishi-dishi shi ne abu na farko da alƙali ke koyon kamawa. Dole maƙeri ya yanke: ko da sanda ko babu.

Amma babu wanda ya tambaye shi ko ya zana dukan lambobi goma. In ya gano 1 da 7 suna ruɗa alƙali, sai ya zauna a kansu. Alƙali ya farga, maƙeri ya koma kan 9, a yi ta kewayawa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a fitar da samfuri 1,000, a ba wata na'ura mai gane lambobi ta ƙirga. In aka ga 600 duk lamba ɗaya ce, an rufta. Jadawalin asara, wato ma'aunin kuskuren na'ura yayin horo, ba zai faɗa maka ba, kuma wannan ne abin da ya fi ɓata wa masu aikin rai: a VAE asara na sauka in ana ci gaba, a GAN hawa da sauka take yi. Abin da take nunawa ƙarara shi ne in asarar alƙali ta faɗi sifiri ta zauna. Ya fi ƙarfin maƙeri ke nan, ba sauran darasin da zai ba shi.

Shekarun da suka biyo baya sun tafi ne wajen lallashin wannan faɗa. DCGAN ta Alec Radford da abokansa, a 2015, ta ba da ma'aunan da aka daɗe ana kwafa: dabarar gyara ma'aunai mai suna Adam, saurin koyo 0.0002, `beta1=0.5`. A 2017 WGAN ta sauya alƙali zuwa mai auna tazara tsakanin hotunan gaske da na jabu, ana gyara shi sau biyar kafin maƙeri sau ɗaya. A ƙarshen 2018 StyleGAN ta kamfanin NVIDIA tana fitar da fuskoki masu fiksel 1024 da ido ke wuyar bambancewa da na gaske, mutane da yawa suka ɗauka an gama da VAE a harkar hoto.

Ba haka ta kasance ba. Tun 2015 an gwada haɗa su, a ɗora alƙalin GAN a kan mai warwarewar VAE don ya kore dishi-dishin. Wannan auren ne ke cikin Stable Diffusion, na'urar zana hoto daga rubutu, da ta fito a 2022. Mai dunƙulewa yana matse hoto mai fiksel 512 da launi uku, lambobi 786,432, zuwa 64 sau 64 sau 4, wato 16,384, raguwar ninki 48. An horar da shi da tarar KL mai ɗan ƙaramin nauyi tare da alƙali irin na GAN. Ƙirƙirar sabon hoton kanta kuwa an miƙa ta ga wata hanya ta uku, mai cire hayaniya mataki-mataki a cikin dunƙulen, sai a ƙarshe mai warwarewa ya buɗe shi zuwa hoto.