Daga karatun rozet mai geji uku zuwa manyan sitiren da sitires: amsoshin da ake ta maimaitawa

Me ya sa sai geji uku? Ɗaya bai isa ba?

Bai isa ba. A saman ƙarfe abubuwa uku ne ba a sani ba, wato miƙewa mafi girma, da mafi ƙanƙanta, da kusurwar da suka fuskanta, don haka karatu uku ake bukata. Shi ya sa rozet yake da geji uku da ake mannawa a wuri ɗaya, kowanne yana auna sitiren, wato miƙewar ƙarfen, ta wata kusurwa daban. Wanda ya riga ya san inda ƙarfin ya dosa ne kaɗai zai iya rage geji.

Na sami E, wato adadin taurin ƙarfen, na ninka shi da sitiren don in sami sitires. Ai na gama ko?

Ba ku gama ba, kuma wannan kuskuren ya fi kowanne yawa. Ƙarfen da aka ja ta gefe ɗaya yana tsukewa ta ɗaya gefen, saboda haka dole adadin Poisson, wato ν, ya shiga lissafi. A nan ε1 da ε2 su ne miƙewa mafi girma da mafi ƙanƙanta, σ1 da σ2 kuma sitires ɗinsu:

```
σ1 = E/(1 − ν²) × (ε1 + ν·ε2)
σ2 = E/(1 − ν²) × (ε2 + ν·ε1)
```

A ɗauki ƙarfe mai E = 200 GPa da ν = 0.3, inda ε1 = 900 µε, ε2 = −100 µε. Amsar daidai ita ce σ1 kusan 191 MPa, σ2 kusan 37 MPa. Mai ninkawa da E kawai zai sami 180 da −20, wato zai rubuta cewa ana danne ƙarfen a inda a zahiri jan sa ake yi.

Daga ina 900 da −100 suka fito?

Daga rozet mai kusurwoyi 0°, 45° da 90°, wanda ya ba da εa = 100, εb = 800, εc = 700.

```
C = (εa + εc)/2
R = √[ ((εa − εb)² + (εb − εc)²)/2 ]
ε1 = C + R,  ε2 = C − R
```

C ya zama 400, R kuma 500. Ku lura cewa 900 ya wuce duk karatun nan uku, kuma hakan ba matsala ba ce, domin babu gejin da ya kwanta daidai kan layin da ƙarfen ya fi miƙewa.

Kalkuleta ta ba ni −26.6°. Can ne ε1 yake?

A wannan misalin ba can yake ba, amma a wani lissafin yana iya kasancewa can, shi ya sa ba a amsa wannan tambaya da kalma ɗaya.

```
tan 2θ = (2εb − εa − εc)/(εa − εc)
```

A nan 800 ake raba wa −600. Kalkuleta ba ta bambanta wannan da −800 a raba wa 600, sai ta ba da 2θ = −53.1°, alhali 126.9° ma amsa ce. Idan εa ya fi εc, kusurwar da ta fito ta ε1 ce. Idan εc ne ya fi, kamar yadda yake a nan, ta ε2 ce, sai a ƙara 90° a sami 63.4°. Mai aiki da kwamfuta ya yi amfani da `atan2` ya huta, amma ya duba tsarin shigar da lambobin, domin Excel yana karɓar x kafin y, Python kuma y kafin x. Ko ba lissafi, ido ma zai nuna muku, tunda gejin 45° ne ya fi karatu, na 90° kuma yake biye da shi, ε1 yana tsakaninsu.

Duk wannan yana tsaye ne a kan sharaɗin cewa an sa wa gejin lamba daidai. Ana auna θ daga geji a, ana juyawa ta wajen b. Idan wayoyin a da c sun musanya a na'ura, ε1 da ε2 ba za su canza ko kaɗan ba, kusurwa ce kawai za ta lalace, don haka babu abin da zai ankarar da ku sai kun koma kun bi wayar da hannu. Musanya a da b kuwa yana ɓata har adadin kansa. Haka nan idan an manna rozet ɗin a karkace, ε1 da ε2 suna nan lafiya, amma kusurwar dangane da jikin ƙarfen za ta kauce da gwargwadon karkatar.

Sannan idan karatun uku sun yi kusa da juna, misali 400, 405 da 398, R ƙarami ne ƙwarai, kuma 'yar rawar na'ura ta isa ta juya θ da digiri masu yawa. A irin wannan hali ni ba na ba da rahoton kusurwa, domin miƙewar kusan ɗaya ce ta kowane ɓangare.

Rozet ɗina na 0°, 60° da 120° ne. Zan iya amfani da wannan lissafin?

A'a. Nasa daban ne, kuma C a can matsakaicin karatun uku ne. Ku karanta takardar da ke cikin fakitin kafin ku manna.

σ1 ya fito 900 MPa a ƙarfen da ke sallamawa a 250 MPa. Me ke faruwa?

Ko dai an yi kuskure wajen mayar da µε, wanda kashi ɗaya ne cikin miliyan, ko an shigar da gauge factor na gejin ba daidai ba a na'ura, ko kuma ƙarfen ya riga ya lanƙwashe har ba zai koma yadda yake ba. Idan na ƙarshen ne, ε1 da ε2 suna iya zama daidai muddin mannin bai saki ba, amma dokar Hooke ta daina aiki, kuma sitires ɗin da aka fitar da ita ba abin dogaro ba ne.