Ma'anar "juya alama" a lissafin rashin daidaito

Da zarar jarrabawar BEPC ta matso, babu kalmar da ake ji a bakin ɗaliban Damagaram kamar "juya alama", kuma abin da ke damuna shi ne yawancinsu abu biyu suke haɗawa a suna ɗaya. Akwai alamar ƙari ko ragi da ke gaban lamba, akwai kuma alamar < ko > da ke nuna wane ɓangare ya fi girma a lissafin rashin daidaito, wanda a aji ake kira inekwasiyon. Ta biyun nake nufi, kuma ba ta juyawa sai an ninka ko an raba ɓangarorin biyu da lambar da ke ƙasa da sifiri.

Dalilin yana cikin bashi. Wanda ake bi jaka 2 ya fi wanda ake bi jaka 5 sauƙin hali, wato −2 > −5. Idan aka ninka kowanne da −1, bashin ya koma kuɗi a hannu, kuma mai jaka 2 yanzu shi ne a ƙasa, wato 2 < 5. Kowace lamba ta tsallaka sifiri ta tsaya a nisanta na da, don haka wadda ta fi nutsewa ƙasa ita ce ta fi hawa sama. Ƙari da ragi ba sa yin haka, domin suna matsar da ɓangarorin biyu tare, na gaba yana nan a gaba.

A ce wata mai sayar da goro a Kasuwar Dole ta ajiye jaka 20, tana cire jaka 3 kullum, tana so ta san ranar da ajiyar za ta gaza jaka 8. Idan x ne adadin kwanakin, lissafin shi ne 20 − 3x < 8. An cire 20 daga kowane ɓangare, ya zama −3x < −12, alamar tana yadda take. An raba da −3, sai ta juya, a samu x > 4. Wanda ya manta zai rubuta x < 4, kuma gwaji ɗaya ya isa ya tona shi, domin a rana ta 3 saura jaka 11 ne, a ta 5 kuwa saura jaka 5.

A ganina, haddar dokar ce ke jawo kuskuren. Da ɗalibi zai ƙara 3x a kowane ɓangare ya cire 8, da ya samu 12 < 3x, wato 4 < x, amsa ɗaya ba tare da ya juya komai ba. Mai hadda kuwa, da ya ga 2x < −6 sai ya juya alama don ya hango ragi, alhali da 2 ya raba, amsar kuma x < −3 ce. Haka nan ba a ninka ɓangarorin da x kai tsaye, sai an fara tantance ko yana sama da sifiri ko ƙasa.