Tukunyar yara ɗari: a auna tun yana ɗanye

A yawancin makarantun da ake ciyar da yara, mai dafa abinci da ido take awo, kuma a nan matsalar ke farawa. 'Yan gaban layi su samu faranti cike, na ƙarshe su tashi da ƙanzo. Maganin abin shi ne a san rabon yaro ɗaya tun abincin yana ɗanye, sannan a ninka da yawan yaran da suka zo makaranta ranar, ba yawan sunayen da ke rajista ba.

Yaro ɗan shekara 6 zuwa 9 yana bukatar kalori kamar 1,600 zuwa 1,800 a yini, kuma ana so abincin makaranta ya ɗauke masa kusan kashi ɗaya cikin uku. Mu ɗauki shinkafa da wake. Giram 80 na ɗanyar shinkafa, giram 40 na wake da giram 10 na mai suna ba da kalori kusan 500 da furotin giram 15, kuma fiye da rabin furotin ɗin daga waken yake fitowa. Ga yara ɗari ke nan shinkafa kilo 8, wake kilo 4, mai lita ɗaya da ɗan ɗoriya, sai ganye kamar kilo 5. 'Yan aji huɗu zuwa shida a ƙara musu kwata a kan wannan. Mudu kuwa kowace kasuwa da nata, don haka a ɗora wanda ake aiki da shi a sikeli sau ɗaya, a rubuta nauyinsa a bangon kicin.

Sai kuɗi. Farashi ba ya zama wuri ɗaya, waɗannan alƙaluma misali ne kawai, kowa ya sa na kasuwarsa. A ce shinkafar ta ci naira 12,000, wake 4,800, mai 2,500, ganye da kayan miya 3,000, itace da ruwa 2,000. Jimla 24,300, wato naira 243 kan kowane yaro. To idan naira 200 aka ware fa?

Abin da aka saba yi shi ne a rage wake, a tsuke mai, a bar shinkafa yadda take saboda ita ce ke cika ido. Wannan kuskure ne babba. Cikin yaro zai cika, amma abin da ke gina masa jiki an zare shi. Shinkafar ce ta cinye rabin kuɗin, ita ya kamata a taɓa. Idan aka maye gurbinta da masara kilo 8 a naira 4,800, da 500 na surfe da niƙa, aka yi dambu ko fate da wake, tukunyar za ta sauko 17,600, naira 176 kan yaro, ƙarfin abincin kuma kusan ɗaya ne. Kwana biyu shinkafa, kwana uku masara, lissafin mako ya tsaya a naira 203 a rana. Ɗan giɓin da ya rage, sayen wake da kaka zai rufe shi, muddin an adana shi a buhu mai ninki uku da iska ba ta shiga, don waken da ƙwaro ya huda nauyinsa ya ragu tun kafin ya ga tukunya. Shi ya sa ake lissafa kasafi a kan mako, kada a matsa wa kowace rana ta daidaita ita kaɗai.

Wajen dahuwa ma ana asara. A jiƙa wake tun dare maimakon a zuba masa kanwa da yawa, domin kanwa tana lalata wasu sinadaran bitamin B, jiƙon kuma yana rage cin itace. Manja kada a soya shi har ya yi fari, jan nan shi ne abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Alayyahu a sa shi dab da saukewa.

Shinkafa tana kumbura kusan ninki uku, wake fiye da ninki biyu, saboda haka rabon ƙaramin yaro a dafe zai kai giram 300 ko ya ɗan wuce. A auna faranti guda a sikeli, a ga ludayi nawa ne ya cika wannan awo, kowace mai rabo ta riƙe ludayi iri ɗaya, shafaffe ba mai tozo ba. A fara sallamar ƙananan azuzuwa, kuma abinci kada ya wuce awa biyu tsakanin saukewa da ci.

Bayan an gama, shugaban makaranta ko jami'in lafiya ya leƙa faranti. Idan yara suna tsince wake suna barinsa, galibi bai nuna ba ne ko yana da ƙwaro. Idan tukunya tana ƙarewa saura yara goma a layi kullum, a fara duba ludayin kafin a nemi ƙarin buhu.