Waiwaye: yadda aka koyi gane hoto ko da an taɓa shi

Da farko, mai son sanin ko hotuna biyu abu ɗaya ne sai ya nemi MD5 ko SHA-1, lissafin da ke fitar wa kowane fayil gajeren tambari na lambobi. Waɗannan an ƙera su ne don kama ƙaramin canji: fiksel ɗaya ya motsa, tambarin fayil ya rikiɗe baki ɗaya. Hoton da aka sake adanawa a JPEG, ido na cewa shi ne, kwamfuta na cewa ba ta san shi ba. Sai aka koma neman tambarin da ke bin kamannin hoto, ya watsar da sauran.

TinEye, shafin da ake ba shi hoto ya nemo kwafinsa a intanet, ya fito a 2008. A 2009 Microsoft da Hany Farid na kwalejin Dartmouth suka samar da PhotoDNA don gano hotunan cin zarafin yara da aka riga aka sani. Abin da ya kai dabarar hannun kowa shi ne pHash, wanda Christoph Zauner ya yi nazarinsa a 2010, da bayanan Neal Krawetz kan wasu dabarun tambari biyu, aHash a 2011 da dHash a 2013.

Ga yadda pHash da aka fi amfani da shi yake aiki. A cire launi, a matse hoton zuwa fiksel 32 sau 32, a bi da shi ta lissafin DCT, wanda ke rarraba hoto zuwa igiyoyin haske da duhu, manya da ƙanana. A ɗauki 64 mafi girma, wato 8 sau 8 na kusurwar sama ta hagu. Wadda ta haura ƙimar tsakiya a ba ta 1, saura 0, jerin gurabe 64 ɗin nan shi ne tambarin. Don kwatanta hotuna biyu sai a ƙirga gurabe nawa suka saɓa, abin da ake kira tazarar Hamming. Hotunan da ba su haɗa komai ba sukan saɓa a kusan 32. Da yawa sukan sa iyaka a wajen 10, abin da bai haura ta ba a ɗauke shi hoto ɗaya.

Mu ɗauki hoto mai faɗin 4000 da tsayin 3000. Bayan matsewa, kowane gurbi ya haɗiye faɗin fiksel 125. JPEG kuwa ɓarnarsa a cikin ƴan murabba'ai na 8 sau 8 take, don haka ta nutse ba a ji ɗuriyarta ba. Ƙara haske ma bai cika tasiri ba, tunda yana ɗaga hoton ne gaba ɗaya, wuri mai haske bai daina fin maƙwabcinsa haske ba. Canjin launi sai ya sauya wannan fifikon kafin ya yi illa. Idan aka juya hasken hoton, fari ya koma baƙi, tazarar takan tashi kusa da 64, kuma wannan kansa shaida ce.

Juyin madubi ne ya daɗe yana ba mutane kunya. Da hagu ya koma dama, rabin igiyoyin nan sukan juya alama, tazarar ta faɗa wajen 32, daidai inda baƙon hoto yake. Maganin ba wuya: a fitar da tambari na kowace fuska takwas da hoto zai iya ɗauka ta juyawa da kifewa, a gwada duka. PDQ, da Facebook ya saki a 2019, ya zo da wannan a jikinsa. Tambarinsa bit 256 ne, iyakar da aka ba da shawara kuma 31.

Yanke gefe shi ne ƙashin bayan matsalar. A yanke fiksel 400 daga hagun wancan hoton. Sauran 3600 za su miƙe su cika gurabe 32, abin da ke bakin hagu ya gusa da gurbi fiye da uku. Mafi ƙanƙantar igiya cikin waɗanda aka ɗauka tana hawa da sauka sau uku da rabi a faɗin hoton, kenan a wannan gefen ta goce da kusan sulusin zangonta. Tambarin ya fara warwarewa. Ɗaga iyaka zuwa 20 ba gyara ba ne, a cikin miliyoyin hotuna sai dai ya kwaso tarkace, musamman masu farin bango ko rubutu zalla.

Hanya biyu aka bi. Ɗaya ita ce a yanka hoton gida-gida bisa haske da duhu, kowane yanki da tambarinsa, kamar yadda `crop_resistant_hash` na ɗakin karatun Python mai suna ImageHash yake yi. Yanki biyu ko uku su dace ya wadatar, sai dai ya fi cin lokaci. Ɗayar ita ce komawa ga SIFT na David Lowe, wanda ya kammala bayaninsa a 2004, mai riƙe kusurwoyi da ɗigo-ɗigo, a tabbatar da ƴan hotunan da ake zargi.

Apple ya sanar da tambari mai koyon na'ura, NeuralHash, a Agustan 2021, don gano hotunan cin zarafin yara a wayoyin iPhone. Cikin makonni biyu masu bincike suka ƙirƙiro hoton da bai yi kama da wani ba amma tambarinsu ɗaya, kuma a Disambar 2022 kamfanin ya jingine shirin.